Yadda ake gano martanin bim mai tokari ta hanyar ƙarfi: cire tokarin a takarda, a auna sunkuyawa, a mayar da shi

A ɗauki bim ɗaya mai tsawon mita 6. Ƙarshensa na hagu, wanda za mu kira A, an dasa shi cikin katafaren ginshiƙin kankare, ba ya sauka, ba ya zamewa, ba ya juyawa. Da an bar shi haka, da ya zama abin da magina ke kira kantiliba, irin bim ɗin da ke fitowa ya riƙe baranda ba tare da fila a ƙarƙashin bakinsa ba. Amma a nan an sa wa ɗaya ƙarshen, wato B, tokari: fila ce da bim ɗin ke zaune a kanta kawai, tana hana shi sauka amma ba ta hana bakinsa juyawa. Tambayar da za mu amsa ita ce: nawa ne daga cikin nauyin tokarin yake ɗauka, nawa ya rage wa ginshiƙin?

Ga kayan da za mu yi aiki da su har ƙarshe. A kan bim ɗin akwai nauyi shimfiɗaɗɗe, w, na kilonyutan 8 a kowace mita, daga A har B. Kilonyutan ɗaya ya kai kusan nauyin buhun siminti biyu, ka ga kenan kamar an jera buhu goma sha shida a kan kowace mita. Akwai kuma nauyi na wuri guda, P, na kilonyutan 27, a nisan mita 4 daga A, wato mita 2 daga tokari. Bim ɗin na ƙarfe ne, E ɗinsa, wato taurin ƙarfen kansa, 200 GPa, I ɗinsa, wato ma'aunin yadda siffar yankinsa ke ƙin lanƙwasa, 10,000 cm⁴, saboda haka taurinsa a lanƙwasa, EI, ya kama 20,000 kN·m², kuma haka yake daga farko har ƙarshe.

Inda lissafin daidaito yake tsayawa

Kafin komai, ƙirga abin da ba ka sani ba. A wurin dashe, A, akwai martani uku, wato ƙarfin da mazaunin ke mayar wa bim don ya riƙe shi: na tsaye, na kwance, da ƙarfin lanƙwasa, wanda injiniyoyi ke kira momen. A wurin tokari akwai ɗaya tak, na tsaye. Huɗu kenan. Ƙa'idojin daidaito kuwa uku ne: jimlar ƙarfin kwance sifili, jimlar ƙarfin tsaye sifili, jimlar momen sifili. Tunda babu abin da ke tura bim ɗin a kwance, martanin kwance sifili ne, ya tafi da ƙa'idarsa. Saura abubuwa uku, wato martanin tsaye na A da na B, RA da RB, da momen ɗin A, MA, da ƙa'idoji biyu:

```
RA + RB = 8×6 + 27 = 75 kN
MA = 48×3 + 27×4 − 6·RB = 252 − 6·RB
```

Tsaya ka dubi layukan nan biyu da kyau, domin duk darasin a cikinsu yake. Ka ce RB sifili ne, za ka samu RA 75, MA 252, daidaito ya cika. Ka ce RB 42 ne, RA ya zama 33, MA sifili, daidaito ya sake cika. Kowace lamba ka ga dama ka sa, ƙa'idojin ba za su ce maka a'a ba. Na sha ganin ɗalibi ya ɗauki momen a A, ya ɗauka a B, ya ɗauka a tsakiya, yana zaton zai samu ƙa'ida ta uku, shafi ya cika, daga ƙarshe ya tarar da 0 = 0. Ba kuskuren hannu ya yi ba. Sabon wurin ɗaukar momen ba ya haifar da sabon bayani, tsohon ne yake dawowa da wata riga.

Bayanin da ya ɓace ba a cikin ƙarfi yake ba, a cikin siffar bim ɗin yake. Mun san abu ɗaya tabbas: bakin bim ɗin a B yana zaune a kan tokari, bai sauka ba, bai hau ba. A cikin dukan lambobin da daidaito ya yarda da su, ɗaya ce kawai za ta bar bakin a daidai wannan wuri. Ita muke nema. Ana kiran dabarar hanyar ƙarfi ne domin abin da ake nema kai tsaye ƙarfi ne, wato martanin da ya yi rara. James Clerk Maxwell ne ya shimfiɗa tushenta a 1864, Otto Mohr kuma ya sake gano ta ya faɗaɗa ta a 1874.

Mataki na farko: cire rarar

A takarda, ɗauke tokarin B. Abin da ya rage kantiliba ce zalla, wadda daidaito kaɗai ke iya warwarewa. Wannan shi ne sharaɗin zaɓen abin da za a cire: ragowar ginin ya tsaya da ƙafarsa, kuma ya warwaru da ƙa'idoji uku. Da za ka cire martanin kwance na A, da ka yi ɓarna biyu: bim ɗin zai iya zamewa gefe, sannan rarar tana nan a tsaye ba ka taɓa ta ba. Akwai wani zaɓi mai kyau, wato sakin momen na A, kuma za mu yi amfani da shi nan gaba don bincikar amsa. Amma cire tokari ya fi sauƙin gani da ido, kuma ƙa'idojin sunkuyawar kantiliba gajeru ne, shi ya sa nake fara koyar da shi.

Tun yanzu ka zaɓi alkibla ka rubuta a gefen takarda. Ni ina ɗaukar sauka ƙasa a matsayin lamba mai kyau, wato mai alamar tarawa, a wajen sunkuyawa, RB kuma ina zana shi yana tura sama. Wanda bai rubuta ba, yakan manta a tsakiyar aiki ya tara abin da ya kamata ya ɗebe.

Mataki na biyu: nawa bakin zai sauka in babu tokari

Yanzu ɗora ainihin nauyin a kan kantilibar, ka nemi saukar bakin a B. Mu kira ta δ0. Za a lissafa kowane nauyi daban, a tara.

Na shimfiɗaɗɗen nauyi ba shi da wahala, inda L shi ne tsawon bim ɗin:

```
δw = w·L⁴ / (8·EI) = 8×1296 / (8·EI) = 1296 / EI
```

Nauyin wuri guda ne ke bukatar natsuwa, kuma a nan ne mafi yawan amsoshi ke lalacewa. P ba a bakin bim yake ba, yana mita 4 daga A, nisan da za mu kira a, ragowar mita 2 kuma b. Ka hango yadda bim ɗin zai yi: daga A zuwa ƙarƙashin P yana lanƙwashewa kamar reshen da yaro ya rataya a jikinsa. Daga P zuwa baki kuwa babu abin da ke lanƙwasa shi, saboda haka mita biyun nan a miƙe suke sak, sai dai a karkace, suna bin gangaren da bim ɗin ya samu a ƙarƙashin P. Saukar baki kashi biyu ce kenan: saukar da aka yi a ƙarƙashin nauyin, da ƙarin da gangaren ya jawo a kan ragowar tsawon.

```
sauka a ƙarƙashin P:   P·a³ / (3·EI) = 27×64 / (3·EI) = 576 / EI
gangare a wurin:       P·a² / (2·EI) = 27×16 / (2·EI) = 216 / EI
ƙarin sauka har baki:  216 × 2 / EI  = 432 / EI
δP = (576 + 432) / EI = 1008 / EI
```

A littattafai za ka ga an dunƙule wannan a ƙa'ida ɗaya, P·a²·(3L − a)/(6·EI), kuma in ka sa lambobin za ka samu 1008 ɗin. Na fi son a yi shi kashi biyu, domin wanda ya ga miƙaƙƙen wutsiyar nan da idonsa ba zai sake mantawa da ita ba, amma wanda ya haddace ƙa'ida yakan rikita a da b, ya auna nisan daga tokari maimakon daga wurin dashe.

Jimla:

```
δ0 = (1296 + 1008) / EI = 2304 / EI = 0.1152 m = 115.2 mm
```

Milimita 115 sauka ce mai yawa, kusan faɗin tafin hannu da ɗoriya. Kada ta tayar maka da hankali. Wannan bim ɗin da babu tokari a takarda kawai yake, ba a gina shi ba. A gaskiya ma da an gina shi ba zai tsaya a 115 ba: in zurfin bim ɗin ya kai milimita 320, momen 252 zai jawo matsi na kusan 400 MPa a saman ƙarfen da ƙasansa, alhali ƙarfen gini irin S275 yana fara sakin jiki a 275. Lissafin bai ɓaci da wannan ba, domin abin da ake bukata shi ne ainihin bim ɗin, mai tokarinsa, ya tsaya cikin iyakar da ƙarfe ke komawa yadda yake in an sauke masa kaya.

Mataki na uku: nawa kilonyutan ɗaya ke ɗaga bakin

Share duk nauyin daga kan kantilibar. Sa ƙarfin kilonyutan 1 a B yana tura sama, a daidai wurin tokarin kuma a alkiblarsa. Nawa bakin zai hau?

```
f = L³ / (3·EI) = 216 / (3·EI) = 72 / EI = 0.0036 m/kN = 3.6 mm/kN
```

Wannan lamba ita ce laushin bim ɗin a wurin tokari: kowane kilonyutan ɗaya yana ɗaga bakin milimita 3.6. Biyu za su ɗaga shi 7.2, goma su ɗaga shi 36. Wannan tafiya kafaɗa da kafaɗa tsakanin ƙarfi da motsi ita ce ginshiƙin dabarar gaba ɗaya, ita ce ta ba mu damar lissafa nauyi daban, tokari daban, mu haɗa.

Mataki na huɗu: mayar da tokarin

Ka ɗauka kana tsaye a ƙarƙashin bakin da ya sauka milimita 115.2, da jak irin na ɗaga mota a hannunka. Kana bugawa, bakin yana hawa, milimita 3.6 kan kowane kilonyutan. Za ka daina bugawa a lokacin da bakin ya koma daidai kan layin da fila take. Ƙarfin da jak ɗin ke yi a wannan lokaci, shi ne martanin tokari. A rubuce, wannan shi ne sharaɗin dacewa:

```
δ0 − RB·f = 0
RB = 2304 / 72 = 115.2 / 3.6 = 32 kN
```

Lura da cewa EI ya share kansa, yana sama yana ƙasa. Muddin taurin bim ɗin iri ɗaya ne a duk tsawonsa, kuma matokaransa ba sa motsi, rabon nauyin bai damu da ko ƙarfe ne ko katako ba. Shi ya sa ya fi kyau ka bar EI a matsayin harafi har zuwa wannan mataki, ka huta da jan sifilai. Amma ka riƙe sharuɗɗan nan biyu, za mu dawo kansu. Amsar ta fito da lamba mai kyau, ma'ana tokarin sama yake turawa kamar yadda muka zana. Da ta fito da alamar ɗebewa, da ma'anarta bim ɗin yana neman ɗagawa daga kan filar, kuma filar da aka ɗora bim a kanta kawai ba ta iya jan sa ƙasa sai an ɗaure su da noti.

Mataki na biyar: sauran na daidaito ne

Da RB ya samu, layukan nan biyu na farko sun buɗe:

```
RA = 75 − 32 = 43 kN
MA = 252 − 6×32 = 60 kN·m
```

Momen ɗin A yana lanƙwasa bim ɗin ya yi doro, wato samansa ne ke miƙewa, ƙasansa na matsewa. Don zana yadda momen ke tafiya, fara daga tokari, inda yake sifili. Ƙarfin yanka, wato ƙarfin tsaye da ke neman datse bim ɗin, a B 32 ne, yana raguwa da 8 a kowace mita, ya kai 16 gab da P. Da ya tsallake P sai ya faɗi da 27, ya koma −11. Tunda a nan ya tsallake sifili, a nan momen ɗin ciki ya fi girma:

```
M a ƙarƙashin P = 32×2 − 8×2×1 = 48 kN·m
```

A nan ƙasan bim ɗin ne ke miƙewa. Tsakanin doron A da wannan lotsawar akwai wurin da momen ya zama sifili, lanƙwasar ta juya. In aka auna s daga A:

```
−60 + 43·s − 4·s² = 0   →   s ≈ 1.65 m
```

Da bim ɗin na kankare ne, wannan lamba ce za ta gaya wa mai ɗaure rodi inda aikinsa yake. Manyan roduna su kasance a sama daga cikin ginshiƙin A har su wuce mita 1.65 da tazarar kamu, a ƙasa kuma su kasance a sauran tsawon. Wanda ya saba da lintal, ya zuba dukan roduna masu kauri a ƙasa, zai ga tsaga ta buɗe a saman bim ɗin dab da ginshiƙi, a wurin da momen ya fi ko'ina girma.

Ga shimfiɗaɗɗen nauyi shi kaɗai, amsar da ta dace a haddace ita ce tokari yana ɗaukar 3wL/8, wurin dashe 5wL/8, momen ɗin A kuma wL²/8, wurin juyawar lanƙwasa yana rubu'in tsawon daga A. A misalinmu 3wL/8 ya ba da 18, P ya ƙara 14, ga 32.

Binciken da ke kama kuskure, da wanda ba ya kamawa

A ce ka manta da miƙaƙƙen wutsiyar nan, ka sa 576 maimakon 1008. Za ka samu RB 26, RA 49, MA 96. Ka tara martanin tsaye: 26 da 49, 75 cif. Ka ɗauki momen a B ko a ko'ina: sifili cif. Ka rufe littafi da murna, alhali ka rage wa tokari kilonyutan 6, ka ƙara wa ginshiƙi momen 36 da ba nasa ba. Binciken daidaito ba zai taɓa kama wannan ba, tunda mun riga mun ga kowace lamba tana wuce shi. Abin da yake bincika maka shi ne mataki na biyar kawai. Wannan ne abin da ya fi damuna a takardun ɗalibai: an rubuta "an bincika" a ƙasa, an ja layi biyu, kuma binciken bai taɓa wurin da kuskuren yake ba.

Binciken gaskiya shi ne a sake warware matsalar da wata rarar daban. Bar tokarin a wurinsa, ka saki momen na A, wato ka ɗauka A ya zama mazaunin da ke barin bim ya juya. Yanzu bim ne mai sauƙi, zaune a kan matokarai biyu. Sharaɗin dacewa ya koma: a ainihin gini, bim ɗin ba ya juyawa a A. Nemi juyawar da nauyi zai jawo a A, da juyawar da momen ɗaya zai mayar, inda b shi ne mita 2 daga P zuwa tokari:

```
θw = w·L³ / (24·EI)         = 72 / EI
θP = P·a·b·(L + b)/(6·L·EI) = 27×4×2×8 / (36·EI) = 48 / EI
f' = L / (3·EI)             = 2 / EI
MA = (72 + 48) / 2 = 60 kN·m
```

Sittin ya dawo, ta ƙa'idojin da ba su haɗa komai da na farko ba. Minti biyar ne aikin. In lambobin biyu suka saɓa, koma mataki na biyu, can ne kuskuren ya fi zama.

Kafin ma ka yi wannan, akwai awon ido. Dashen A yana janye nauyi zuwa gare shi, saboda haka in nauyi duk ƙasa yake dannawa, martanin tokari dole ya gaza abin da zai zama a bim mai sauƙi. A nan bim mai sauƙi zai ba B kilonyutan 24 daga w da 18 daga P, wato 42. Duk amsar da ta kai 42 ko ta wuce, ko ba ka duba komai ba, ka san ta ɓaci.

Idan nauyin bai dace da wata ƙa'ida ta littafi ba, ko kaurin bim ɗin ya canza a hanya, sai a koma ga hanyar aikin ƙiyasi. A auna x daga B, a rubuta momen M0 na nauyi a kan kantilibar, da momen m na kilonyutan ɗaya, wanda shi ne x kawai:

```
δ0 = ∫ M0·m / EI dx        f = ∫ m² / EI dx
∫ 4x²·x dx       (0 → 6) = 1296
∫ 27(x − 2)·x dx (2 → 6) = 1008
∫ x² dx          (0 → 6) = 72
```

Lambobin su ne dai. Bambancin shi ne a nan kana iya raba tsawon gida-gida, kowane da EI nasa. In rabin da ke kusa da A ya fi kauri, EI ba zai share kansa ba, kuma ɓangaren mai tauri zai ƙara jan nauyi zuwa ginshiƙi.

Idan tokarin ya nutse

Mun ce bakin yana komawa daidai layinsa. A fili ba kullum haka take ba. Filar baranda sau da yawa tana kan ɗan ƙaramin tushe nata ita kaɗai, a kan cikon ƙasa da ba a daddale sosai ba, alhali ginshiƙin A yana kan babban tushen gida. Damina ɗaya ko biyu, filar ta zauna kaɗan. A ƙasa mai baƙin yumɓu, irin wadda ake samu a yankin Tafkin Chadi, wadda ke kumbura da ruwa ta tsuke da rani, motsin ma sama da ƙasa yake yi.

Hanyar ƙarfi tana karɓar wannan ba tare da an sake komai ba sai gefen dama na sharaɗin dacewa. In tokarin ya sauka da Δ, jak ɗinka ba sai ya mayar da bakin har sama ba, zai tsaya saura Δ:

```
δ0 − RB·f = Δ
Δ = 9 mm:  RB = (115.2 − 9) / 3.6 = 29.5 kN
           MA = 252 − 6×29.5 = 75 kN·m
```

Milimita 9 bai kai kaurin ɗan yatsa ba, mai gida ba zai gan shi da ido ba. Martanin tokari ya ragu da kilonyutan 2.5 kacal, amma momen ɗin A ya tashi daga 60 zuwa 75, ƙarin kashi ɗaya cikin huɗu. In nutsewar ta kai milimita 18, momen ya zama 90. Dalili shi ne duk kilonyutan ɗin da tokari ya sauke, ginshiƙi ne ke ɗaukarsa da hannun mita 6.

A nan EI ba ya share kansa, kuma a nan ne ake yawan tuntuɓe da ma'auni: δ0 da Δ su kasance a ma'auni ɗaya, ko duka mita ko duka milimita, kuma sai an sa ainihin lambar EI. Wanda ya rubuta 2304 − 9 ya ɗebe milimita daga abin da ba milimita ba. Akwai kuma abin da ke ba mutane mamaki. Ƙarin momen ɗin shi ne 3·EI·Δ/L², wato yana ƙaruwa da taurin bim. Ka ninka EI sau biyu don ka samu kwanciyar hankali, nutsewar milimita 9 ɗin nan za ta ƙara 30 maimakon 15. Bim mai laushi yana bin filar in ta sauka, ya ci gaba da jingina da ita. Mai tauri yana ƙin bi, sai ya mayar da kayan kan ginshiƙi.

Idan tokarin ba fila ba ne, wani bim ne da shi ma yake lotsawa, saukarsa tana tafiya da ƙarfin da aka ɗora masa. Sai a tara laushinsa da na bim ɗinmu. In yana sauka milimita 0.4 kan kowane kilonyutan, RB zai zama 115.2 a raba da 4.0, wato 28.8, momen ɗin A kuma 79.2.

Idan dashen bai cika dashe ba, da lokacin da aka sa tokarin

Ɗaya sharaɗin da muka ɗauka da sauƙi shi ne A ba ya juyawa ko kaɗan. Bim ɗin da aka cusa cikin bangon bulo mai inci tara aka toshe da siminti ba dasasshe ba ne, ko da zanen ya nuna haka. Bangon zai saki, momen ɗin A ya ragu, nauyi ya koma tsakiya da kan tokari. Iyakar abin shi ne bim mai sauƙi: RB ya zama 42, momen ƙarƙashin P ya tashi daga 48 zuwa 68. Ka ga nutsewar tokari da sakin dashe suna jan amsar zuwa ɓangarori biyu masu kishiyantar juna. Inda nake shakkar haɗin A, nakan lissafa duka biyun, in ba saman bim ƙarfin ɗaukar 60 ko fiye, ƙasansa kuma 68, filar B kuma in shirya ta don 42.

Sai maganar jerin aiki. Lissafinmu ya ɗauka tokarin yana nan kafin a ɗora kowane nauyi. In kantiliba ce da aka gina tun da, ta riga ta sunkuya da nauyin kanta, sannan aka zo aka cusa mata fila a ƙarƙashi har ta taɓa ta kawai, to filar ba ta ɗauki komai daga tsohon nauyin ba. A δ0 sai ka sa nauyin da ya zo bayan tokarin kaɗai. A misalinmu, in w yana nan tun farko, P ne ya zo daga baya, tokarin zai ɗauki 14 maimakon 32, momen ɗin A kuma ya zama 252 − 84, wato 168. Don filar ta karɓi rabonta na tsohon nauyi, sai an ɗaga bakin da jak har ya koma layinsa kafin a kafa ta, wato milimita 64.8 a wannan bim, abin da 1296 a raba da EI ya bayar.

Akasin haka ma yana faruwa. Wani mai gida ya taɓa kirana in duba masa filar da ke bakin barandarsa, yana so a cire ta don mota ta samu wurin shiga. Ya buga ta da tafin hannu, ya ce, "Injiniya, dubi sirantarta, ai wannan ado ce kawai, bim ɗin a cikin bango yake." Na zana masa bim ɗin a bayan takardar buhun siminti, na rubuta momen ɗin ginshiƙi da fila da kuma babu fila. A lambobin misalinmu, 60 ne da 252, fiye da ninki huɗu, kuma rodunan saman bim ɗinsa an sa su ne don ƙaramar lambar. Muka matsar da ƙofar gareji zuwa ɗaya gefen, filar tana nan.